«Mota ta ƙi tashi»: tambayoyin da ake yi kafin a taɓa komai

Saƙon da mai mota yake aika wa bakanike kusan kullum iri ɗaya ne: «Mota ta ƙi tashi.» Shi a wajensa ya gama bayani. Amma wannan magana ta haɗa motoci uku da cutarsu ba ɗaya ba. Akwai wadda injinta ba ya ko juyawa, akwai wadda injin yake juyawa amma bai kama ba, akwai kuma wadda take kamawa ta mutu nan take. Wanda bai raba su ba zai yi ta sayen kaya bisa zato, yau batir, gobe fulogi, jibi famfon mai, motar tana nan yadda take. Tambayoyin da ke ƙasa a jere suke, amsar kowacce ce take nuna wadda za a yi bayanta. Yawancinsu kunne da ido kawai suke buƙata, sai kaɗan da suke neman mitar awon wuta.

Tambaya ta farko: da ka murɗa makulli, me ka ji?

Kashe rediyo da fanka, sauke gilashi, ka murɗa makulli har ƙarshe ko ka danna maɓallin tayarwa, sannan ka saurara. Inji ba ya tashi da kansa. Wani ƙaramin moto mai aiki da wutar batir, wanda bakanikai suke kira kik, shi ne yake cusa haƙoransa cikin haƙoran fulawil, wato babban faifan ƙarfe da ke bayan inji, ya juya injin, har fetur da iska su kama wuta a ciki. Don haka abin da kake son sani guda ɗaya ne, kik ya juya injin ko bai juya ba.

Idan ka ji «rrr-rrr-rrr» ɗin da ka saba ji kowace safiya, da saurinsa na kullum, sai dai injin bai kama ba, to batir da kik sun yi aikinsu, ka cire su daga lissafi. Idan kuwa shiru ka ji, ko «ƙas» guda ɗaya, ko «tar-tar-tar» da sauri, ko juyi mai nauyi kamar ana jan injin da ƙyar, matsalar tana kan hanyar wuta daga batir zuwa kik, kuma babu ruwan fetur da fulogi a ciki. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, domin wani idan ya ce «ba ta yin kik» yana nufin ba ta kamawa, wani kuma yana nufin ba ta juyawa. In ta waya ake ba ka labari, kada ka dogara da kalmar da ya faɗa. Ka ce ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa, ko ya kara wayar kusa da bonet ya murɗa makulli kana ji.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a kowane gwaji, kuma ka bar aƙalla rabin minti kafin na gaba. Kik yana zafi da wuri, mai naci da makulli yakan ƙona shi ya ƙara wa kansa cuta ta biyu.

Idan injin ba ya juyawa

Tambaya ta biyu ita ce fitilu. Kunna manyan fitilun gaba, ka fuskanci bango ko ka sa wani ya tsaya yana kallo, sai ka murɗa makulli. A wasu motocin fitilun gaba suna ɗaukewa da kansu lokacin tayarwa, to sai ka duba fitilar cikin mota da ke saman kanka.

In fitilu sun dusashe sosai ko sun mutu, an nemi wuta mai yawa ba a samu ba. Ko batir ya yi sanyi, ko kuma yana da caji amma wutar ba ta iya wucewa ta kansa ko ta wayoyinsa. Ƙarar «tar-tar-tar» ma a nan take. Akwai wani makunni mai maganaɗisu a jikin kik, silinoid, wanda wuta kaɗan ta ishe shi ya rufe. Yana rufewa sai kik ya zuƙi wuta mai yawa, ƙarfin batir ya faɗi, silinoid ya saki. Yana saki ƙarfin ya dawo, ya sake rufewa. Wannan rufewa da sakin ne kake ji sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Kusan kullum ma'anarsa ƙarancin wuta ne, kik ɗin lafiyarsa lau.

In fitilu suna nan da haskensu, ba su ko motsa ba, kuma shiru kake ji, to umarnin tayarwa bai kai ga kik ba. A mota mai giyar otomatik, taka birki, matsar da giya daga P zuwa N ka sake gwadawa. Akwai makunnin da yake hana mota tashi in tana cikin giya, idan ya tsufa yakan kasa gane P amma ya gane N. A mai giyar hannu, a motoci da yawa sai an take kuloci har ƙasa, kuma tabarmar da ta tattare a ƙarƙashinsa ta isa ta hana. A mai maɓalli, in batirin rimot ya mutu, kara rimot ɗin a jikin maɓallin ko a wurin da littafin motar ya nuna. Bayan waɗannan sai fis na kik da rile ɗinsa, wato ƙaramin makunnin da yake kai masa umarnin tayarwa, murfin akwatin fis yana nuna inda suke.

Sai «ƙas» guda ɗaya mai ƙarfi, fitilu kuma ba su dusashe ba ko sun ɗan rage kaɗan. Silinoid ya rufe amma moton bai juya ba. Yawanci gawayin da ke cikin kik ne ya cinye, ko tagullar da ke cikin silinoid ta ƙone. Tsohuwar dabarar nan ta ɗan bubbuga jikin kik da sanda yayin da wani yake murɗa makulli tana aiki a wannan hali, domin tana sa gawayin ya sake taɓawa. In ta tashi da hakan ka gano cutar, amma ba ka warkar da ita ba, kuma bugu mai ƙarfi yana fasa maganaɗisun da ke cikin kik na zamani.

Akwai wani «ƙas» ɗin da ya fi wannan muni, wanda fitilu suke dusashewa ƙwarai alhali batir cike yake. Nan sai ka tambaya, motar ta shiga ruwa mai zurfi? Ta yi zafi har ta mutu? Fitilar baƙin mai ta kunna kafin ta tsaya? In amsar ɗaya daga cikinsu e ce, ka saki makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda fistin ba shi da inda zai je, kuma naci yana lanƙwasa sandar fistin. Bakanike zai cire fulogi ya gwada juya injin da sifana a hannu kafin komai.

Abin da mita take faɗa

Sa mita a kan DC 20V, jan tsinke a kan +, baƙi a kan −, mota a kashe ta ɗan huta. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6V. A 12.2V ya kai kusan rabi, ƙasa da 12.0V kuwa saura kaɗan a ciki. In ka ga wajen 10.5V, sau da yawa ɗaya daga ɗakuna shida na batirin ne ya mutu, tunda kowanne yana ba da kusan 2.1V, kuma caji ba ya gyara wannan.

Sai dai wannan awon bai isa ba. Batirin da ya tsufa yana iya nuna 12.5V yana zaune, a ɗora masa nauyi ya durƙushe. Ka bar tsinkayen a wurinsu wani ya murɗa makulli. Lafiyayyen batir bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6V ba yayin da kik yake aiki. In ya faɗi zuwa 7 ko 6, ko ba shi da caji ko ya gama yayinsa.

In batir ne ya yi sanyi, tambayar ba ta ƙare ba, me ya sanyaya shi? Bayan an tayar da motar, auna shi inji yana aiki. Altaneta mai caji yana ba da tsakanin 13.5V da 14.7V a yawancin motoci. In ka ga 12 da wani abu, yawanci ba ya caji, kuma sabon batir ma zai mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. In yana caji amma motar tana mutuwa duk lokacin da ta yi kwana biyu ko uku a ajiye, wani abu yana shan wuta a ɓoye, fitilar but da ba ta mutuwa, ko rediyo ko kyamara da aka haɗa kai tsaye da batir.

Wata mota da aka saya wa batir a banza

Ƙanena ya aiko mini da saƙo wata safiya: «Yaya, mota ta sake ƙin tashi.» Kalmar «sake» ce ta fara jan hankalina. Na kira shi.

Na ce, me ka ji da ka murɗa? Ya ce tana yin «tar-tar-tar», wani lokaci ta ɗan ja injin da nauyi sau ɗaya ta tsaya. Fitilu fa? Suna dusashewa. Yaushe ta fara? Ya ce kwana tara da suka wuce. A ranar wani ya ba shi wuta daga motarsa, ta tashi nan take, sai aka ce batir ne, ya sayi sabo. Ta yi kwana takwas lafiya, yau ta koma gidan jiya.

Duk wanda ya ji wannan zai ce altaneta ba ya caji, ni ma shi na fara zarga. Na ce ya auna batirin. Ya ce 12.5V. To batirin da altaneta bai caja ba kwana takwas ba zai nuna haka ba, zargi na farko ya faɗi. Na ce ya ɗora tsinkayen a kan dalmar batirin kanta, ba a kan maƙallan waya ba, maƙwabcinsa ya murɗa makulli. Mita ta nuna 11.9V. Wannan lamba ce ta buɗe hanya. Batir mai rauni faɗuwa yake yi. Wannan bai faɗi ba, domin ba a ma iya zuƙar wutar da ke cikinsa ba. Wani abu ya toshe hanya tsakaninsa da kik.

Sai na koma kan ranar da aka ba shi wuta. Na ce, baƙar wayar nan, a ina mutumin ya maƙala ta a motarka? Ya yi shiru yana tunani, ya ce: «Ba a kan batir ba, Yaya. A wani ƙarfe ya maƙala a jikin inji.» Haka ake yi daidai, domin a nisanta tartsatsi daga batir. Amma ga abin da hakan ya ɓoye. Wuta tana fita daga + ta bi babbar waya zuwa kik, sannan dole ta dawo ta jikin inji, ta bi wayar at zuwa − na batir. Mai ba da wutar da ya maƙala a jikin inji ya tsallake wayar at ɗin motar gaba ɗaya. Motar ta tashi ne don an zagaye wayar da ta lalace, kowa kuwa ya ɗauka don an ƙara wa batir ƙarfi ne.

Gwajin tabbatarwa minti ɗaya ne. Tsinke ɗaya a kan dalmar − ta batir, ɗaya a kan ƙarfe mai tsabta a jikin inji, a murɗa makulli. Lafiyayyar hanya tana nuna 0.2V zuwa 0.3V, kada dai ta kai rabin 1V. Tasa ta nuna 4.1V. Ya bi wayar da hannu har inda aka ɗaure ta a jikin giyabos, ya tarar da noti a kwance, bakin wayar ya yi kore, rabin zaren tagullar ya tsinke. Kwana takwas ɗin da ta yi lafiya, ina jin jijjiga wayar da aka yi wajen sauya batir ne ya sa ta ɗan kama na wani lokaci. Aka sa sabuwar waya, aka kankare wurin ɗaurin har ƙarfe ya fito fes. Tsohon batirin da ya bayar, mai yiwuwa babu abin da ya same shi.

Haka ake gwada ɓangaren + ma, tsinke ɗaya a dalmar +, ɗaya a babban notin kik, ana murɗa makulli. Fiye da 0.5V yana nuna datti ko waya mai rauni. Ka tabbata mota tana P ko furi, an ja birkin hannu, hannunka da rigarka kuma nesa da bel da fanka. Idan za ka kwance kan batir don wankewa, fara cire −, shi kuma za ka mayar a ƙarshe, domin sifanar da ta taɓa + da jikin mota a lokaci guda tana iya narkewa a hannunka.

Idan injin yana juyawa amma bai kama ba

Injin fetur yana buƙatar mai, tartsatsi a daidai lokacinsa, da matsin iska a cikin silinda. Ɗaya daga cikinsu ya ɓace. Fara da abin da ba ya buƙatar sifana.

Dubi dashbod. Akwai fitila mai hoton makulli, ko mota da kwaɗo, da take ƙiftawa ko ta ƙi mutuwa? Motar ba ta gane makullin ba, don haka kwamfutarta ta hana mai ko tartsatsi. Wannan kuma shi ne babban abin zargi a motar da take kamawa ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Gwada makulli na biyu. Makullin da aka yanka ba tare da ƙwayar da ke cikin kansa ba zai buɗe ƙofa, ya juya inji, amma ba zai tayar da shi ba.

Sai mai. Kada ka yarda da allurar tanki ɗari bisa ɗari, ka tambaya yaushe aka sha mai na ƙarshe, kuma wane iri aka zuba. Sannan murɗa makulli zuwa ON kawai, kada ka kai START, ka kasa kunne wajen kujerar baya ko bakin tanki. A yawancin motoci famfon mai yana yin «zzz» na daƙiƙa 2 zuwa 3 ya tsaya. Wasu suna yin hakan tun da aka buɗe ƙofar direba, don haka ka saurara tun daga nan. In shiru ne, duba fis ɗin famfo, sannan ka musanya rile ɗinsa da wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, na hon misali. Famfon da yake dab da mutuwa yakan yi gargaɗi tun da wuri: mota tana jinkirin kamawa, tana shaƙewa a hawa, ana jin kukansa daga baya.

Akasin haka kuma shi ne mai ya yi yawa. In kana jin warin fetur sosai, musamman bayan an tayar da inji mai sanyi an kashe shi nan da nan, fulogi sun jiƙe. Take totur har ƙasa ka riƙe, ka yi kik. A motoci masu nozul da yawa wannan yana sa kwamfuta ta tsayar da feshin mai har silinda su bushe. Tana kamawa ka saki totur.

Yanzu kalli allurar juyin inji yayin da kake kik. A motoci da yawa tana ɗan ɗagawa kaɗan. In ta kwanta ɗif a sifili, akwai zargin sensar kiranshaf, wadda take gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa da inda fistin yake. A yawancin motoci, ba tare da ita ba babu tartsatsi babu feshi. Wannan alama ba hujja ba ce ita kaɗai, domin wasu allurorin ba sa motsi ko lafiya lau, amma akwai tambayar da take ƙarfafa ta: da zafi take ƙin tashi ko da sanyi? Motar da take tashi lafiya da safe, ta mutu bayan tafiya, ta ƙi tashi sai ta huce na rabin sa'a, halin wannan sensa ke nan, ko da yake famfon mai da kwayil mai ba fulogi wuta ma sukan yi haka. Na'urar karanta lambobi da ake sokawa a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari tana iya nuna P0335. Lambar tana nufin da'irar sensar, wato har da waya da soket, don haka a duba su kafin a sayi sabuwa.

Ƙarar juyin ma tana magana. Lafiyayyen inji yana juyawa da ɗan tangarɗa, kana jin kik yana ture matsin kowace silinda. In yau ya juya da sauri fiye da kullum, sumul, kamar babu komai a ciki, matsi ya tafi. Tambaya ta gaba ita ce, tana cikin tafiya ta mutu farat ɗaya? Yaushe aka sauya taimin bel, wato bel ɗin da yake daidaita tafiyar bawul da fistin? In ya tsinke, bawul sun daina tafiya tare da fistin, kuma a injuna da yawa suna karo da juna, kowane ƙarin kik yana iya ƙara ɓarna. A wasu injunan, in ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka leƙa yayin da wani yake kik, za ka ga ko kamshaf, sandar da take buɗe bawul, yana juyawa. Kada a rikita wannan da kukan kik mai siririyar murya da yake juyawa shi kaɗai bai kama fulawil ba. A wannan halin bel ɗin gaban inji ba ya motsi ko kaɗan, a na taimin bel kuwa yana juyawa.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matsi ne yake kunna man. Tambayoyinsa su ne ko fitilar hita mai kama da lanƙwasasshiyar waya ta kunna ta mutu kafin a yi kik, ko mai ya taɓa ƙarewa ko an sauya filta har iska ta shiga layi, da kuma ko juyin yana da sauri. Dizal yana iya ƙin kamawa don kawai batir yana juya shi a hankali, ko da kunne bai ji bambanci sosai ba.

Tambayar da mai mota yake mantawa

Me aka yi wa motar na ƙarshe? Wanke inji da ruwa mai ƙarfi yana jiƙa kwayil da soket. Sauya batir yana barin kai a kwance ko wata siririyar waya da ba a mayar ba. Sa rediyo ko na'urar tsaro yana ƙona fis ko yanke wayar kik. Mai mota ba ya ambaton waɗannan, domin a ganinsa ba su da alaƙa, sai ka tambaye shi kai tsaye, wani lokaci sau biyu.

Da waɗannan amsoshi saƙon yana iya zama layi ɗaya har yanzu, amma mai amfani. Wanda ya kamata ƙanena ya aiko tun farko shi ne: «Fetur ce, otomatik, tana tar-tar-tar ba ta juyawa, fitilu suna dusashewa, batir sabo ne yana nuna 12.5V, ta tashi da aka ba ta wuta ta jikin inji.» Bakaniken da ya karanta wannan zai taho da mita, burushin ƙarfe da wayar at a jakarsa.